Yadda za ka nemi izinin maigidan haya kafin ka ja wayar intanet ta matakala

Tambaya: Ina haya a saman wani bene mai hawa uku, mu gida shida ne a ciki. Kamfanin intanet ya kawo wayarsa ɗakin ƙanina da ke hawan ƙasa. Muna son mu ja waya daga wurinsa ta bi matakala zuwa wurina, mu kuma kafa rauta, wato na'urar da ke watsa waifai, a barandar sama. Maigidanmu ba ya son a taɓa masa bango ko kaɗan. Me zan rubuta masa don ya yarda?

Amsa:

Ɗan'uwa, kada ka fara da rubutu tukuna. Ɗauki tef ɗin awo da wayarka ta hannu ka bi hanyar da wayar za ta bi, tun daga inda za ta fito har inda za ta ƙare. Na daɗe ina jan waya a gidajen haya, kuma abin da na lura shi ne mafi yawan maigidan da ya ce a'a bai san abin da ake tambayarsa ba. An ce masa "za mu sa intanet", shi kuwa abin da ya zo masa a rai shi ne wani yaro riƙe da injin huda yana ɓarke masa bango, da waya tana lilo a matakala, da wutar baranda da wani zai sha shi ya biya. Mutumin da bai ga iyakar abu ba, hanawa ce ta fi masa sauƙi. Aikin saƙonka shi ne ya nuna masa iyakar: huda nawa, a ina, faɗinta nawa, wutar wa za a sha, wa zai gyara in an yi ɓarna, kuma me zai faru ran da ka tashi. Ba za ka iya rubuta waɗannan ba sai ka auna.

Kafin awon ma, buɗe takardar yarjejeniyar hayarku ka karanta. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu suna da layin da ya hana ɗan haya canza wani abu a ginin sai da izini a rubuce. In naku yana da shi, to ka ambace shi a saƙon, domin maigida ya ga cewa bin ƙa'idarsa ce ta kawo ka. Ko babu layin, ka tuna cewa abin da ka kama haya shi ne cikin ɗakinka. Matakala, baranda, bangon waje da rufi na maigida ne, sauran 'yan haya kuma suna da haƙƙin wucewa. Sannan ka tabbatar wa za ka aika wa. Idan akwai wakili ko mai kula da gida, a tura masa, amma ka roƙi amsar ta fito daga wanda yake da ikon cewa a huda bango. Wani abu kuma da ya shafe ku ku biyu kawai: ku duba sharuɗɗan kamfanin intanet ɗin, don wasu ba su yarda a raba layi ɗaya tsakanin gidaje biyu ba. Bai kamata ka wahalar da kanka wajen samun izinin maigida ba, daga baya kamfani ya yanke layin.

Yanzu awon. Bari in ɗauki lissafin da ya yi kama da gidanku, kai kuma ka sa naka adadin. Daga inda na'urar kamfanin take a ɗakin ƙaninka zuwa bangon da ke kallon matakala, a ce mita 4. Kowane hawa tsayinsa kusan mita 3 ne, hawa biyu za ka haura, mita 6 ke nan idan wayar ta miƙe tsaye ta kusurwar bango. Daga kan matakala zuwa ƙofarka, a ce mita 9. Cikin ɗakinka kuma mita 6. Jimla mita 25. Ƙara mita 5 saboda lanƙwasa da ɗan saura da ake bari a kowane baki, ka sami mita 30. Wannan yana cikin iyaka sosai, domin wayar intanet ta tagulla, irin mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinta, tana aiki daidai har mita 100 a jan guda. Kaurinta kusan milimita 5 zuwa 7 ne, wato kamar fensir. Idan aka zura ta kafin a ɗaura mata kai, huda mai faɗin milimita 8 zuwa 10 ta isa. Wannan adadin shi ne abu mafi amfani a saƙonka gaba ɗaya. Maigida yana tunanin rami, kai kuma kana maganar hudar da ɗan yatsa ƙarami ba zai shiga ba.

Kana tafe kana ƙirga wuraren da dole a huda. A irin ginin da ka kwatanta yawanci biyu ne: inda wayar za ta fita daga ɗakin ƙaninka da inda za ta shiga naka. Matakala a buɗe take, don haka babu buƙatar fasa dakalin da ya raba hawa da hawa, kuma kada ka nemi wannan ko da ya fi gajarta. Dakalin da ginshiƙai da kankaren saman ƙofa da taga duk akwai rodi a cikinsu, su ne ke ɗauke da ginin, kuma babu maigida mai hankali da zai yarda a taɓa su. A bulo ake hudawa. A nisanci saitin soket da makunnin fitila, sama da ƙasa da gefe, don wayoyin wuta da aka binne galibi a miƙe suke tafiya daga nan. A nisanci kuma bangon banɗaki da na kicin saboda bututun ruwa. Ka ɗauki hoton kowane wuri, ka zana da'ira a kan daidai inda hudar za ta kasance, ka ja layi a kan hanyar wayar. Hotuna uku ko huɗu sun fi shafi guda na bayani.

Sai maganar rautar da kake son kafawa a baranda, kuma a nan zan ba ka shawarar da ba ka tambaya ba: in zai yiwu, janye wannan buƙatar. Rauta a wurin kowa da kowa tana jawo matsaloli uku a lokaci guda. Tana buƙatar soket, soket ɗin baranda kuma yawanci a kan mitar wutar da kowa ke biya yake. Tana a inda hannu zai kai, ana iya cire filoginta a sa cajin waya, ana iya danna ɗan maɓallin bayanta da ke goge duk saitin, ana iya ɗauke ta gaba ɗaya. Na uku kuma, ba za ta ba ka abin da kake nema ba. Bangon bulo da siminti yana cin ƙarfin waifai sosai, ƙofar ƙarfe ta fi shi ci, kuma a cikin zango biyun da rauta ke watsa waifai a kansu, na gigahaz 5 mai sauri ya fi na 2.4 saurin mutuwa a bayan bango. Idan kai ne za ka yi amfani da intanet ɗin, rautar a cikin ɗakinka ya kamata ta zauna. Ƙarin mita shida na waya ne kawai, kuma ka rage wa maigida rabin abin da zai yi tunani a kai.

Idan kuwa akwai dalilin da ya sa dole ta zauna a baranda, misali kuna son ta kai ɗakuna biyu da ke kallon juna, to akwai hanyar da ta fi tsabta. Akwai na'urorin waifai da ake kafawa a silin ko saman bango waɗanda ke samun wutarsu ta cikin wayar intanet ɗin kanta. A kwalinsu za ka ga an rubuta PoE. Ɗan akwatin da ke tura wutar yana zama cikin ɗakinka ko na ƙaninka, a kan mitarku, don haka ba a taɓa soket ɗin baranda ko kaɗan. In ba ka da wannan, sai ka yi wa maigida lissafin wutar a fili. Rauta ta gida tana shan kusan wat 10. A yini wat 10 sau awa 24 ya ba da 240, a kwana 30 ya zama 7,200, a raba da 1,000, wato yunit 7.2 na mitar wuta a wata. Ainihin adadin taka yana rubuce a jikin cajarta: ka ninka bolt da amfiya, misali 12 sau 1, ka sami wat 12, kuma wannan shi ne iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa, rautar ba ta cika kai wa nan ba. Abu ne kaɗan, amma ka ce za ka biya shi. Rigimar wutar baranda tsakanin 'yan haya ba ta duba ƙanƙantar adadi.

Yadda za a ɗaure wayar a matakala shi ma ya shiga saƙon, don matakala ita ce hanyar fita in gobara ta tashi. Waya ba ta ratsa ƙasa inda ƙafa za ta harɗe, ba ta bin ƙarfen da ake dafawa, ba ta tsallaka bakin ƙofar wani. Ta bi saman bango kusa da silin ko ta kusurwa, cikin siririn bututun roba mai marfi da masu aikin wuta ke ɓoye waya a ciki, fari ko kalar fentin bangon. Idan da ƙusoshin kama waya za a yi, a sa ɗaya kowane santimita 30 zuwa 40. A saman hanyar wucewa na fi son a haɗa da maɗaurin ƙarfe nan da can, saboda roba tana narkewa a zafi, wayar ta faɗo ta tare hanya a lokacin da mutane suka fi buƙatarta. A bar tazarar kamar santimita 30 tsakaninta da wayar wuta, inda kuma dole su haɗu, ta gicciye ta maimakon su jera. Ka sani cewa bututun ma yana buƙatar ƙananan ƙusoshi a filasta. Faɗa wa maigida wannan tun yanzu. Wanda ya ce "huda biyu kacal", maigida ya zo ya tarar da ƙusoshi arba'in a bango, ya zama maƙaryaci a idonsa ko da bai yi niyya ba.

Idan wani ɓangare na hanyar zai bi bangon waje, abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Wayar ta zama ta waje, mai baƙar riga mai jure rana, domin rigar wayar cikin ɗaki tana bushewa ta tsattsage, ruwa ya shiga, layin ya riƙa yankewa duk lokacin da aka yi ruwa. Hudar kuma ta ɗan karkata ƙasa ta ɓangaren waje, a bar wayar ta sauko ƙasa da hudar ta yi ɗan lanƙwasa kafin ta hau ta shiga, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga ƙasa, sannan a toshe bakin da silikon. An taɓa kirana gyara a wani gida inda aka huda bango bakin hudar na waje ya fi na ciki tsawo. Ruwan sama ya riƙa bin wayar yana shiga, fentin ciki ya kumbura ya yi baƙi faɗin tafin hannu biyu, kuma daga ranar maigidan ya hana kowa a gidan jan kowace irin waya. Irin wannan labarin ne ke cikin kan maigidanka, ko ya gani ko an ba shi.

To ga saƙon, da adadin da muka yi lissafi. Na rubuta shi a kan cewa rautar za ta zauna cikin ɗakinka.

> Assalamu alaikum Maigida, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya da iyali.
>
> Ni ne ɗan hayarka na ɗaki mai lamba 5 a hawan sama. Ina neman izininka in ja wayar intanet guda ɗaya daga ɗakin ƙanina, lamba 1 a hawan ƙasa, zuwa nawa. Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ka.
>
> Wayar kaurin fensir ce, tsawonta kusan mita 30, kuma ba wayar wutar lantarki ba ce. Za ta bi kusurwar bangon matakala ta hagu, ta bi saman bangon baranda kusa da silin, cikin farin bututun roba mai marfi da za a kama da ƙananan ƙusoshi. Za a yi huda biyu a bulo, kowace faɗin milimita 10, ɗaya a bangon lamba 1, ɗaya a saman gefen ƙofata. Ba za a taɓa ginshiƙi, dakali, rufi ko bangon waje ba. Na haɗo hotuna huɗu da na yi wa alama.
>
> Na'urar za ta zauna cikin ɗakina a kan mitata, ba za mu yi amfani da wutar baranda ba.
>
> Ƙwararre ne zai yi aikin, bai wuce awa uku ba, kuma kuɗin duka a kaina yake. Ina so a yi shi a gabanka ko gaban wanda ka wakilta, a ranar da ta yi maka. Duk ɓarnar da aikin ya jawo, ni zan gyara.
>
> Ran da zan tashi, zaɓi naka ne: in cire wayar in toshe hudojin in shafa fenti, ko in bar ta ga mai shigowa.
>
> Idan hanyar ba ta yi maka ba, ka nuna mini wadda ka fi so. In ka amince, ina roƙon ka amsa mini a nan a rubuce don ya zama shaida gare mu duka. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Idan na'urar za ta zauna a baranda, sai ka canza sakin layin da ya yi maganar na'urar: ka faɗi girmanta, ka ce za a kafa ta sama inda hannu ba ya kaiwa, ka faɗi daga ina wutarta za ta fito, in daga soket ɗin baranda ne ka rubuta yunit 7 zuwa 8 a wata da alkawarin biya. Ka ƙara cewa babu kamara a jikinta. Mutane da yawa in sun ga farin abu mai ƙyafta fitila a saman baranda, kamara suke ɗauka, kuma gara maigida ya ji daga bakinka kafin wata maƙwabciya ta kai masa ƙara cewa ana leƙen iyalinta.

Akwai layuka biyu a saƙon da nake so ka riƙe ko da ka sauya sauran. Na farko shi ne "ka nuna mini wadda ka fi so". Yana ba maigida wata amsa ban da e da a'a, kuma sau da yawa ya fi ka sanin ginin. Yana iya ce maka akwai bututun da aka binne tun lokacin gini wanda ba a zura komai a ciki ba, ko tsohuwar hudar wayar eriya da za a iya bi. Na biyu shi ne zaɓin ranar tashi. Abin da ke damun mai gida mai 'yan haya da yawa shi ne tarkacen da kowa ke bari, kuma waya mai kyau da aka ja a tsare tana iya zama abin da zai nuna wa mai neman haya na gaba.

Abin da ba ka ga na sa ba kuwa da gangan ne. Ban yi dogon bayani a kan yadda kake buƙatar intanet don aiki ko karatu ba, layi ɗaya ya isa in kana so, domin ba buƙatarka yake shakka ba. Ban ce "wasu ma sun yi" ba, don hakan tura shi zai yi ya je ya binciki wasun, ka ɓata da maƙwabta. Kuma ban yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba, irin "ba za a ga alama ko kaɗan ba". Za a ga bututun. Abin da za ka iya alkawari shi ne zai miƙe, zai yi tsabta, kuma za a iya cire shi.

Wataƙila ya kira ka ya ce "ba komai, ku yi". Ka gode masa, sannan a ranar ka tura ɗan gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana yau, ka amince da jan wayar bisa hotunan da na turo, za a yi aikin ranar Asabar da safe." Ko "to" kawai ya amsa, ka ajiye. Gida yana canza wakili, yana canza hannu, kuma wanda zai duba ɗakin ran tashinka ba lalle ne shi ne wanda ya ba ka izini ba. In ya yi shiru, ka bar kwana biyar zuwa mako ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ka nemi ya ba ka minti goma ku bi hanyar tare. Shiru ba izini ba ne, kada ka kira mai aiki a kansa.

Idan ya ce huda dai ba za a yi ba, da sauran hanya. Akwai shimfiɗaɗɗiyar wayar intanet, siririya kamar ƙyalle, da ke iya bi ta ƙarƙashin ƙofa ko gefen taga idan akwai ɗan sarari. Ka yi amfani da guntunta a daidai wurin shigar kawai, ka haɗa ta da waya mai kauri da ɗan mahaɗi, domin ba ta da ƙarfi kuma ƙofa tana cinye ta a hankali. Alamar ta fara lalacewa ita ce saurin layin ya faɗo daga megabit 1,000 zuwa 100: gudun 1,000 yana buƙatar duk silli takwas na cikin wayar, na 100 kuwa huɗu kawai yake amfani da su, don haka silli ɗaya in ya tsinke sai na'urorin su koma ƙaramin gudu ko layin ya ɗauke. Bututun kuma ana iya manna shi da gam mai fuska biyu maimakon ƙusa, sai dai gam yana ɗago fenti ran cirewa, kuma wannan ma ka rubuta masa shi. Na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida ba na ba ka shawararsu a nan, don ɗakinka da na ƙaninka a kan mita daban-daban kuke, kuma a irin wannan hali ba su da tabbas.

Ran aikin, ka ɗauki hoton bangon kafin a taɓa shi da bayan an gama, daga wuraren da ka ɗauki na farko. Ka sanar da maƙwabta tun kwana ɗaya kafin ranar cewa za su ji ƙarar injin huda na ɗan lokaci. Ka tsaya a kan mai aikin, domin shi gajeriyar hanya yake so, kai kuma hanyar da ke cikin hoto aka ba ka izini. In ya tarar da abin da ya hana bin ta, a dakata a kira maigida kafin a huda wani wuri. A gwada layin kafin a rufe marfin bututun, a share ƙurar siminti daga matakala, sannan ka tura wa maigida hotunan ƙarshe a ƙarƙashin saƙon da ya amince a ciki.